Memon sabon haraji: in rubuta cewa albashin kowa zai ƙaru?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin albashi. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Hukumar haraji ta aiko da sakula a kan sabbin matakan harajin albashi, manajanmu ya ce in taƙaita ta a shafi ɗaya a raba wa ma'aikata. Har jimlar da zan fara da ita ya ba ni: "Muna yi wa ma'aikata albishir cewa an rage haraji, kowa zai ga ƙari a abin da yake karɓa." Hannuna ya ƙi rubuta ta, shi ya sa na zo nan.

Tunda ba ƙasa ɗaya muke ba, na sauya lambobin zuwa na misali masu sauƙin lissafi, fasalin kawai na bari yadda yake. Duka lissafin shekara ne.

A tsohon tsari, 600,000 na farko kashi 10 cikin 100 ake cirewa, 1,800,000 da ke biye kashi 20, duk abin da ya haura 2,400,000 kuma kashi 25. A sabon tsari, 1,200,000 na farko babu haraji ko kaɗan, 2,400,000 da ke biye kashi 15, abin da ya haura 3,600,000 kashi 24.

In ka kalle shi haka, ai manaja ya yi gaskiya, ko ba haka ba?

Ƙanin Kowa: Wa'alaikumus salam Anti. To mene ne abin jinkiri a nan? 10 ya koma sifili, 20 ya koma 15, 25 ya koma 24. Ko'ina ragi ne. Ki rubuta kawai mutane su ji daɗi.

Baba Akanta: Wa'alaikumus salam. 'Yata, teburin nan rabin sakular ne kika kawo mana. Tambaya biyu gare ni kafin in ce komai. Me aka ce game da rangwamen da ake cirewa kafin a buga haraji? Kuma daga wace rana aka ce sabon tsarin ya fara aiki, ba ranar da takardar ta iso ofishinku ba?

Maman Hanifa: Baba, ai kamar kana gabana. A shafi na uku, cikin sakin layi ɗaya tak, aka ce an soke rangwamen bai-ɗaya na kashi 20 cikin 100 na albashi da kowa yake samu. Kuɗin fansho har yanzu ana cire su kafin haraji, mu ɗauka kashi 10 ne don lissafi ya yi sauƙi. Ranar farawa kuwa farkon shekarar haraji ce, mu kuma mun riga mun biya albashin wata biyu a kan tsohon tsari.

Baba Akanta: To, a nan gizo ke saƙar. Kashi nawa ake cirewa abu ɗaya ne, a kan nawa ake cire shi wani abu ne dabam, kuma sakin layin nan na shafi na uku shi ya taɓa na biyun. A da, idan mutum yana ɗaukar 100, ana ware 20 na rangwame da 10 na fansho, a buga haraji a kan 70. Yanzu 10 na fansho kaɗai za a ware, a buga a kan 90. An rage kason, an faɗaɗa abin da ake buga shi a kai. Wanda zai ci riba da wanda zai ji a jikinsa ya danganta da girman albashinsa, kuma ba a gane shi da ido sai an zauna an buga.

Mu ɗauki mai 200,000 a wata, wato 2,400,000 a shekara. A tsohon tsari a cire masa 480,000 na rangwame da 240,000 na fansho, saura 1,680,000. Na farko 600,000 ya ba da 60,000, ragowar 1,080,000 a kashi 20 ya ba da 216,000. Jimla 276,000 a shekara, 23,000 ke nan duk wata. Abin da ke shiga asusunsa 157,000.

A sabon tsari fansho kawai za a cire, saura 2,160,000. A tsallake 1,200,000 na farko, ragowar 960,000 a kashi 15 ya ba da 144,000 a shekara, wato 12,000 a wata. Zai riƙa karɓar 168,000. Wannan bawan Allah ya samu ƙarin 11,000 duk wata, albishir ɗin manaja ya same shi daidai.

Yanzu mu hau sama, mai 1,000,000 a wata. A da ana buga masa haraji a kan 8,400,000 a shekara, yana biyan 160,000 a wata, ya tafi da 740,000. Yanzu a kan 10,800,000 za a buga: 360,000 na matakin tsakiya, da kashi 24 na ragowar 7,200,000, wato 1,728,000. Jimla 2,088,000, 174,000 ke nan a wata. Zai koma karɓar 726,000, an rage masa 14,000. Duk da cewa kason da ke kansa ya sauka daga 25 zuwa 24.

Ki duba ki gani, mai yiwuwa manajan da ya ba ki jimlar nan yana cikin waɗanda nasu zai ragu.

Maman Hanifa: Yana ciki kuwa, dumu-dumu. Allah ya ƙara girma Baba.

Ƙanin Kowa: Ikon Allah. Ni kam ragin kashi ɗaya na gani, ban ga kashi ashirin da ya tafi ba.

Alhaji Odita: Ƙarin bayani a kan na Baba, don kada a ɗauka sabon abu ne ko sharrin wata hukuma guda. Gwamnatoci kan yi haka idan suna so su sauƙaƙa tsari, su ɗaga matakin sifili su share rangwamen bai-ɗaya. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, irin wannan fasalin gare ta: naira 800,000 na farko babu haraji, an soke tsohon rangwamen bai-ɗaya, aka kawo rangwamen kuɗin haya na kashi 20 cikin 100 na hayar da mutum yake biya, iyakarsa naira 500,000. Dalilin da na kawo ta shi ne ki sake karanta taku da kyau, Hajiya, ko an kawo wani sabon rangwame a madadin wanda aka soke. Irin wannan sai ma'aikaci ya nema da takardar shaida ake ba shi, ba ya zuwa da kansa, kuma idan memo bai faɗa ba mutane da yawa ba za su nema ba.

Maman Hanifa: Na sake dubawa Alhaji, a tamu babu wani madadi. An soke kawai.

Abu Sadik: Ni dai ra'ayina, kamfani ya ɗauki nauyin bambancin mana. Ba ma'aikaci ne ya ce a sauya doka ba. Ku rubuta wa shugabanni su ƙara albashi.

Alhaji Odita: Malam, wannan muhawara ce mai zaman kanta, kuma ba a teburin Maman Hanifa ake yanke ta ba. Haraji a kan kuɗin shigar ma'aikaci ne, kamfani wakili ne kawai da doka ta ɗora wa cirewa da miƙawa. Wuri ɗaya maganarka take shiga: idan a takardar ɗaukar aikin mutum an rubuta cewa zai karɓi adadi kaza a hannu bayan haraji. Irin wannan kamfani ne ke ɗauke da bambancin, ko ya hau ko ya sauka. Yawancin ma'aikata ba haka yarjejeniyarsu take ba, amma Hajiya ki tambaya ko kuna da ko mutum ɗaya mai irin ta, don memon ba zai shafe shi yadda ya shafi saura ba.

Malama Jummai: Ku yi haƙuri in sako tawa. Ni abin da ya tsorata ni a teburin nan tazarar 15 da 24 ce. A misalinku, ace ina ɗaukar 330,000 a wata, an yi mini alkawarin ƙarin 10,000. Na buga na ga ƙarin zai tura ni matakin kashi 24. Ashe gara in ce a bar mini ƙarin, tunda kashi 24 na albashina duka ya ninka abin da nake biya yanzu nesa ba kusa ba? Wata abokiyar aikina ta taɓa ƙin karɓar ƙarin girma saboda wannan.

Ƙanin Kowa: Haka nake ji ana faɗa nima, wai idan ka tsallaka mataki sai a cinye maka ƙarin har a haɗa da na da.

Baba Akanta: Malama, karɓi ƙarinki. Abokiyar aikinki ta yi wa kanta asara a banza. Matakan nan kamar randuna ne a jere, sai ta farko ta cika ruwa yake gangarawa ta biyu, kuma kowace randa da nata kason. Abin da ya zuba a ta uku kaɗai ake cire wa kashi 24, na cikin sauran ba a koma kansa.

Ga naki. A 330,000, bayan fansho ana buga miki a kan 3,564,000 a shekara, kina ƙasa da iyakar 3,600,000 da kaɗan, harajinki 29,550 a wata. A 340,000 zai zama 3,672,000, kin haura iyaka da 72,000 kacal, kuma a kan wannan 72,000 ɗin ne kaɗai kashi 24 zai hau. Harajinki zai koma 31,440. Cikin ƙarin 10,000, fansho ya ɗauki 1,000 wanda naki ne dai ake ajiye miki, haraji ya ɗauki 1,890, ki tafi da 7,110.

Maman Hanifa, ki sa jimla ɗaya a kan wannan a memon. Duk lokacin da aka raba tebur irin wannan sai an samu masu wannan tsoron, kuma ba sa zuwa ofis su tambaya, a tsakaninsu suke yaɗa shi.

Alhaji Odita: Baba ya yi daidai a kan wannan teburin. Amma kada mu ce wa mutane ko'ina haka yake sumul. A Birtaniya, idan kuɗin shigar mutum ya haura fam 100,000 a shekara, ana janye masa fam ɗaya na rangwamensa a kan kowane fam biyu da ya ƙaru, har abin da ake cirewa daga ƙarin ya kai kashi 60 a wannan tsakanin. Ko a can ma ƙarin bai zama asara ba, yana dai ƙanƙancewa sosai. Inda ake iya yin asara ta gaske shi ne idan akwai wani tallafi da ake yankewa baki ɗaya da zarar ka wuce wani adadi. Wannan kuma ba a teburin matakai ake ganinsa ba.

Malama Jummai: Na gode Baba, na gode Alhaji. Hankalina ya kwanta, sai dai ba zan gaya wa waccan ba, kar in tayar mata da tsohon ciwo.

Maman Hanifa: To yanzu a ina abin yake juyawa? Mai 200,000 ya samu, mai miliyan ya rasa. Tsakaninsu fa? Yawancin mutanenmu a nan suke.

Baba Akanta: Mai 500,000 a wata yana biyan 72,500 a da, yanzu 66,000, ya samu 6,500. Kin ga ribar ta fara sirancewa. Dalili kuwa, a can sama kowane 100 da ya ƙaru a albashi, tsohon tsari yana cin 17.5 ne, wato kashi 25 na 70, sabo kuma yana cin 21.6, kashi 24 na 90. Ribar da matakin sifili ya ba mutum tun daga ƙasa ita ake ta gutsurawa har ta ƙare. A lambobinki tana ƙarewa ne a wajen 7,900,000 a shekara, kusan 658,000 a wata. Ƙasa da nan haraji ya ragu, sama da nan ya ƙaru.

Kada ki dogara da nawa tunda lambobin misali ne. Ki buɗe Excel, ki sa abin da ake buga wa haraji na shekara a A2, ki rubuta wannan da lambobinku na gaskiya:

```
=MAX(0,MIN(A2,3600000)-1200000)*15%+MAX(0,A2-3600000)*24%
```

Ki yi irinsa na tsohon tsari a gefe, a kan abin da ya rage bayan an cire fansho da tsohon rangwamen, ki ja su a kan jerin ma'aikatanku duka, ki cire ɗaya daga ɗaya. Cikin minti kaɗan za ki san mutum nawa nasu ya ragu, nawa ya ƙaru. Sannan ki gwama sakamakon da na manhajar albashinku. Idan sun saɓa a kan mai ƙaramin albashi da mai babba duka, kuma kullum manhajar ce ke ba da haraji mafi ƙanƙanta, to an shigar da sabbin matakai an manta ba a kashe tsohon rangwamen ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne zafi, don ba wanda zai kawo ƙara, kowa yana murna, sai ranar da masu bincike suka zo a tarar da bashin watanni a kan kamfani.

Uwargidan Ofis: Na bi zancen tun daga sama. Lissafin Baba ba ni da ta cewa a kai, amma ban yarda a rubuta adadin nan na 658,000 a memo ba. Shekarata da yawa a sashen ma'aikata, na san abin da zai biyo baya. Da zarar an ce "daga kaza zuwa sama harajinsu ya ƙaru", duk wanda aka ji yana gunaguni an san yana sama da kaza ke nan. Kin tona albashin mutane ba da niyya ba. Sannan adadin ba ɗaya ba ne ga kowa. Mai zuba ƙarin fansho na ganin dama, ko wanda ba a kan albashinsa duka ake lissafa masa fansho ba, iyakarsa za ta ɗan gusa. Wani zai zo da takardarsa ya ce kun ce ƙasa da kaza ragi ne, ga nawa ya ƙaru.

Baba Akanta: Hajiya, na ji uzurinki na biyu, shi ya sa za a rubuta "kimanin". Na farkon ne ban gamsu ba. Teburin matakai ba sirri ba ne, duk mai kalkuleta zai iya fitar da adadin. Idan aka ɓoye, mutum na tsakiya ba shi da hanyar sanin ɓangaren da ya faɗa sai ranar biya, kuma amfanin memon ke nan tun farko, ya sani kafin ranar.

Uwargidan Ofis: A ba shi misalai uku kamar yadda ka yi, ƙasa da tsakiya da sama, ya gane inda yake. Wanda yake so ya san nasa daidai a aika masa shi kaɗai. Memo na kowa da kowa ne, har a allon sanarwa ake manna shi.

Alhaji Odita: Ni ina tsakaninku. Misalai ukun dole ne, kuma kada a ɗauko albashin wani mutum na gaske, a yi amfani da lambobi dunƙulallu. Adadin juyawa kuma in da ni ne zan sa shi, amma Hajiya ta fi ni sanin halin ma'aikata.

Ɗan Sito: Gafara dai manya. Ni bara aka yi mana irin wannan a wurin aikinmu, aka rubuta a memo cewa mai albashi irin nawa zai riƙa karɓar kaza. Ranar biya na ga abin da ya shigo bai kai ba, da tazara mai yawa. Na je ofis da fushi na, ana ta kallona. Har yau ban yarda ba a cuce ni ba.

Maman Hanifa: Malam, kana da bashin da ake cirewa daga albashi? Ko kuɗin ƙungiya, ko adashin ma'aikata?

Ɗan Sito: Akwai bashin da na ci na kamfani, da kuɗin ƙungiyar ƙwadago. Amma ai da ma ana cire su.

Baba Akanta: To ɗana, mai yiwuwa ba a cuce ka ba, memon ne ya yi alkawarin da ba nasa ba. Wanda ya rubuta ya cire haraji da fansho kawai, bai san bashinka ba. Ɗauko takardar albashinka ta watan kafin sauyin da ta bayansa, kada ka kalli layin ƙasa, kalli layin haraji, a wasu wurare PAYE ake rubutawa a gefensa. Idan bambancin layin nan ya yi daidai da abin da memon ya nuna, hakkinka ya cika. Idan bai yi ba, duba layin abin da aka buga wa haraji, wataƙila akwai alawus da a da ba a sa shi ciki yanzu an sa.

Maman Hanifa, darasi ne gare ki kyauta. Ki rubuta "harajinka zai ragu da kaza", kada ki rubuta "za ka karɓi kaza".

Ɗan Sito: Zan nemo su in duba. In bai yi daidai ba zan dawo.

Maman Hanifa: Na rubuta wannan. Saura abin da ya fi damuna, watanni biyun da muka riga muka biya.

Baba Akanta: Shi ne abin da zai sa wayarki ta yi ta ƙara ranar biya in ba ki faɗa tun yanzu ba. Tunda an ce daga farkon shekara, wata biyun nan an cire wa kowa haraji ba daidai ba, wasu fiye da kima, wasu ƙasa. Idan tsarinku na tarawa ne, irin wanda Birtaniya take bi a harajin albashinta da ta fara tun 1944, manhaja za ta duba abin da ya kamata mutum ya biya daga farkon shekara zuwa yau, ta cire abin da ya riga ya biya, ta gyara a wata na uku lokaci guda.

Mai 200,000 ɗinmu, na wata uku ya kamata ya biya 36,000, ga shi ya riga ya biya 46,000 a wata biyu. A wata na uku ba za a cire masa komai ba, har a mayar masa da 10,000. Zai ga 190,000 ta shigo. Idan ba a gaya masa ba zai ɗauka sabon albashinsa ke nan, ya yi wa kuɗin hidima, wata na huɗu ya ga 168,000 ya zo yana cewa an zaftare masa 22,000. Mutumin da ya ci riba ke nan fa, amma zai zo miki da fushi.

Mai miliyan kuma na wata uku 522,000 ne, ya biya 320,000, saura 202,000 a cire a wata ɗaya. Zai karɓi 698,000, sannan daga wata na huɗu ya daidaita a 726,000. Wato a watan gyaran zai ga ragin 42,000, ba 14,000 da memo ya ce ba.

Saboda haka kowane misali a memon layi uku yake buƙata: yadda yake a da, yadda zai kasance a watan gyara, da yadda zai zauna bayan nan.

Uwargidan Ofis: A nan kam ina tare da Baba ɗari bisa ɗari. Sai dai ni zan roƙa a raba wa masu biyan bashin nan a kan wata huɗu ko biyar, 28,000 a lokaci guda ba wasa ba ne ko ga mai babban albashi, mutane suna da alkawuran da suka ɗaura a kan ranar biya.

Alhaji Odita: Tausayi ne mai kyau Hajiya, amma ba kamfani ke da wannan ikon shi kaɗai ba. Kuɗin na hukuma ne, kuma akwai ranar da doka ta sa a miƙa su. Idan kuka raba ba da izini ba, kamfani ne za a ce ya gaza miƙawa, tara da kuɗin ruwa su hau kansa. Hanya biyu na sani: ko sakular ta ba da damar rabawa, ko kamfani ya miƙa wa hukuma duka yanzu daga aljihunsa ya riƙa cirewa a hankali, wanda ya zama bashi ke nan tsakaninsa da ma'aikaci, sai an rubuta an sa hannu. Haka ma mayar da rarar, ba ko'ina ake barin mai ɗaukar aiki ya mayar da hannunsa ba. Wasu wuraren sai dai a rage daga harajin watanni masu zuwa, wasu kuma sai ƙarshen shekara mutum ya nema da kansa.

Maman Hanifa: Sakular ba ta ce uffan a kan wannan ba Alhaji. Ranar farawa kawai ta bayar.

Alhaji Odita: To ku rubuta musu ku nemi amsa a rubuce, kada ku tsaya a ta waya. Kafin ta zo, memon ya faɗi cewa akwai gyara, ya faɗi adadinsa, ya ce za a sanar da yadda za a yi shi.

Maman Hanifa: Ga yadda na tsara farkonsa, ku duba mini:

"Hukumar haraji ta sauya matakan harajin albashi daga farkon wannan shekarar haraji, ta kuma soke rangwamen bai-ɗaya na kashi 20 cikin 100. Albashinka bai sauya ba, kuɗin fansho da sauran abubuwan da ake cirewa ma ba su sauya ba. Harajin masu ƙarami da matsakaicin albashi zai ragu, na masu babban albashi zai ƙaru. Kowane kaso yana hawa ne kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa matakinsa kawai, ba kan albashi duka ba. Tunda an biya wata biyu a kan tsohon tsari, za a yi gyara, saboda haka abin da za ka gani a watan gyaran ba shi ne abin da za ka riƙa gani kullum ba."

Daga nan sai tebur, sai misalai uku masu layi uku-uku, sai lambar sakular da ranarta, sai wanda za a tuntuɓa.

Ƙanin Kowa: Anti, albishir ɗin manaja fa? Ya ɓace gaba ɗaya.

Maman Hanifa: Zan kai masa nasa lissafin tare da memon, ya karanta da kansa.

Baba Akanta: Ya yi kyau 'yata. Abu ɗaya: "matsakaicin albashi" kowa yana ganin shi ne. Mai 700,000 zai rantse miki matsakaici ne, ga shi nasa zai ƙaru. Shi ya sa nake cewa a sa adadin.

Uwargidan Ofis: Ko kuma a ƙara misali na huɗu a kusa da wurin, ba sai an ja layi an ce daga nan ba. A sa mai 700,000 ɗin ma, kowa ya gani da idonsa.

Baba Akanta: Na 700,000 ƙarin 1,700 ne a wata, daga 107,500 zuwa 109,200. Amma Hajiya, mai 650,000 fa, ya duba wanne?

Maman Hanifa: Zan kai wa manaja duka biyun ya zaɓa, tunda shi zai sa hannu. Wasiƙar da za mu aika wa hukuma kuma yau za ta fita. Matsalar ita ce ranar 20 muke rufe lissafin albashi, idan amsarsu ba ta zo kafin nan ba, in bar manhaja ta yi gyaran a wannan watan, ko in cire na sabon tsari kawai in jinkirta gyaran zuwa wata mai zuwa?

Alhaji Odita: Ni zan yi gyaran yanzu, na masu biya aƙalla, don jinkirinsa ne ke jawo tara. Na masu karɓa shi ne zan jira amsa a kai.

Uwargidan Ofis: Ka cire wa wasu nan take, ka ce wa masu ƙaramin albashi su jira nasu? Alhaji, kai za ka zo ka yi musu bayani ranar biya?